Gida 400 ko Gida 220: Yadda Masu Bincike Ke Raba Samfuri Tsakanin Ƙauye da Ruga

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Dawanau ya ga yadda mai saye ke soka ƙarfe a buhu, ya tara tafin hannu, ya duba ƙwayar da ta zubo. Idan buhu ɗari ne daga gonar mutum ɗaya, iri ɗaya, sussuka ɗaya, soka uku ko huɗu sun ishe shi. Idan kuwa buhu ashirin ne kacal, amma an tattaro su daga kasuwannin ƙauye dabam-dabam, wani da tsakuwa, wani da ƙwari, wani bai gama bushewa ba, to sai ka ga ya bi su kusan ɗaya bayan ɗaya. Kayan da suka fi yawa sun sha suka kaɗan, waɗanda ba su da yawa sun sha suka da yawa. Ba wanda zai ce mai sayen nan ya yi rashin adalci ga buhu ɗarin. Ya kai wahalarsa inda shakka take ne.

Wannan dabara ta 'yan kasuwa ita ce masana ƙididdiga suka mayar lissafi, kuma har yau ana tafka kuskure a kanta a ofisoshi da jami'o'i.

Mai bincike ba zai iya shiga kowane gida ba, don haka yakan zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a, su ne samfuri. Kafin ya jefa ƙuri'ar yakan kasa jama'ar rukuni-rukuni: birni da ƙauye, ko manoma da makiyaya, ko manyan 'yan kasuwa da ƙanana. Daga nan sai tambaya ta taso. Cikin gidajen da zai iya ziyarta, nawa zai ba kowane rukuni?

Amsar da ke fara zuwa zuciya ita ce a raba bisa yawa. Rukunin da ke da kashi 90 cikin ɗari na jama'a ya sami kashi 90 na samfuri, mai kashi 10 ya sami 10. Masanin Ingila Arthur Bowley ya yi bayanin wannan hanya dalla-dalla a 1926, kuma tana da kyau ƙwarai, zan dawo kan kyawunta. Amsa ta biyu ta fito ne daga Jerzy Neyman, masanin lissafi ɗan ƙasar Folan, a wata takarda da ya gabatar wa ƙungiyar masana ƙididdiga a Landan cikin 1934. Abin da ya fi damunsa a takardar shi ne wani aiki da aka yi a Italiya, inda Corrado Gini da Luigi Galvani suka zaɓi gundumomi 29 cikin 214 da hannunsu, ba da ƙuri'a ba, domin su wakilci ƙidayar 1921, sai aka tarar sun dace a wasu ma'aunai sun kauce a wasu. A kan hanyarsa ta kare ƙuri'a ne ya nuna cewa yawan jama'a kaɗai bai isa ya yanke rabo ba, sai an duba yadda mutanen kowane rukuni suka bambanta a tsakaninsu. Daga baya aka lura cewa wani masanin Rasha, Alexander Chuprov, ya riga shi gano haka tun 1923, amma sunan Neyman ne ya bi hanyar. Da aka ƙara mata lissafin tsadar aiki, sai aka kira ta rabo mafi dacewa.

Lissafin shanun wata ƙaramar hukuma

Bari mu ƙaddara misali, da alƙaluman da na tsara don su yi saukin bi. Sashen kula da dabbobi na wata ƙaramar hukuma yana son sanin yawan shanun da ke yankinsa kafin ya yi odar allurar rigakafi. Gidaje 10,000 ne. Daga ciki 9,000 na manoma ne mazauna ƙauye, 1,000 kuma rugage ne.

A ƙauye, gida yana da shanun huɗa biyu, wani ba shi da ko ɗaya, wani yana da biyar ko shida. A ce matsakaici uku ne. Idan ka ɗauki gida ka kwatanta shi da wannan matsakaici, yawanci ba zai kauce da fiye da saniya biyu ba, sama ko ƙasa. Wannan kaucewa da aka saba gani ita za mu kira rata. Ratar ƙauye 2 ce. A ruga labarin ya sha bamban. Wani yana da shanu goma sha biyu, wani yana da garke na ɗari da hamsin. A ce matsakaici 40 ne, rata kuwa 30. Idan haka ne, ƙauye na da shanu 27,000, ruga na da 40,000, jimilla 67,000. Mai bincike dai bai san wannan jimilla ba, ita yake nema.

Sai batun kuɗi. Ma'aikaci da ya shiga ƙauye zai iya gama gidaje da yawa kafin azahar, domin suna jere. A ce kowane gida yana cin naira 2,000. Ruga kuwa sai an hau babur an ratsa daji, sai an nemi mai jin Fulatanci, sai an bi ta hannun Arɗo, kuma sau da yawa a tarar maigida ya fita kiwo. A ce kowace tana cin naira 8,000, wato ninki huɗu. Kuɗin da aka ware wa zirga-zirga naira 1,040,000 ne.

Idan aka raba bisa yawa, kuɗin nan zai kai gidaje 400 cif: 360 a ƙauye kan naira 720,000, da rugage 40 kan naira 320,000. A takarda abin ya yi kyau. Gida 400 adadi ne mai cika ido, kuma babu shugaban da zai yi ƙorafi.

To amma nawa ne kuskuren da za a iya yi? Akwai hanyar auna shi. A kowane rukuni ana ninka yawan gidaje da rata, a ninka abin da aka samu da kansa, sannan a raba da yawan gidajen da aka ziyarta. A ƙauye, 9,000 sau 2 ya ba da 18,000. An ninka shi da kansa an raba da 360, ya zama 900,000. A ruga, 1,000 sau 30 ya ba da 30,000; an ninka shi da kansa an raba da 40, ya zama 22,500,000. Jimillarsu 23,400,000, kuma wannan za mu kira nauyin shakka. Don a mayar da shi shanu, sai a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da shi, wato tushensa: kimanin 4,840. A al'adar masu ƙididdiga akan ninka wannan sau biyu a ce gaskiya tana cikin wannan iyaka, sau 95 cikin ɗari. Ke nan ƙiyasin zai iya kaucewa da shanu kusan 9,700 sama ko ƙasa. Akwai ɗan rangwame da ake yi idan samfuri ya ci babban kaso na rukuni, na bar shi a gefe domin bai sauya hukuncin ba.

A dakata a sake duban lambobin nan biyu, 900,000 da 22,500,000. Kashi 96 cikin ɗari na shakkar duka daga ruga take fitowa, alhali rugar ba ta ci ko sulusin kuɗin ba. An kwashe naira 720,000 ana ta tambayar manoma abin da gida na ɗari ya riga ya tabbatar, cewa shanunsu biyu ne ko uku. Wannan shi ne soka buhun gona ɗaya sau 360.

Rabo mafi dacewa yana duban abu uku a kowane rukuni: yawan gidaje, rata, da tsadar ziyara ɗaya. A rubuce ga yadda hanyoyin biyu suke, inda N ke nufin yawan gidajen rukuni, S rata, c tsada, n kuma rabon da rukunin zai samu:

```
n ∝ N
n ∝ N × S / √c
```

Layin farko shi ne rabo bisa yawa. Na biyu yana cewa a ƙara wa rukuni idan yana da yawa, a ƙara masa idan mutanensa sun bambanta, a rage masa idan yana da tsada. Ƙauye ya tashi da 18,000, ruga da 30,000. Tsadar ruga ninki huɗu ce, tushen huɗu kuwa biyu ne, don haka sai a raba 30,000 gida biyu, ya koma 15,000. Rabon ya zama 18 da 15, wato duk gida shida na ƙauye a haɗa su da ruga biyar. Kowane irin wannan ƙulli yana cin naira 52,000, kuɗinmu kuwa zai sayi ƙulli 20. Sakamako: gidajen ƙauye 120, rugage 100. Jimilla 220.

Nan ne shugaban sashe yakan ɗaure fuska. "Malam, da kuɗin nan fa aka ce za a yi gida 400. Yanzu ka dawo mini da 220?" Amsar tana cikin lissafin da muka yi ɗazu. Ƙauye yanzu ya ba da 2,700,000, ya ƙaru sau uku. Amma ruga ta sauko daga 22,500,000 zuwa 9,000,000. Jimilla 11,700,000, rabin na farko daidai. Kaucewar ta ragu daga shanu 9,700 zuwa kimanin 6,800. Kafin rabo bisa yawa ya kai wannan inganci, sai an ziyarci gidaje 800, an kashe naira 2,080,000. Gida 220 sun yi aikin 800.

Me ya sa tushen tsada ake ɗauka, ba tsadar ɗungurungum ba? Domin amfanin ƙarin ziyara yana raguwa yayin da ake tara ta. Ruga ta 41 tana rage shakka sosai, gidan ƙauye na 361 kusan ba ya rage komai. Da za a guje wa ruga gwargwadon tsadarta gaba ɗaya, da an koma zuba kuɗi inda amfaninsa ya riga ya ƙare. Rabon da ya dace shi ne wanda idan ka cire naira dubu takwas daga wannan gefe ka kai wancan, ba za ka ci ribar komai ba. Akwai ma wata alama mai sauƙi da nake so kowane mai duba aikin bincike ya riƙe. A rabo mafi dacewa, kason da rukuni ya ci na kuɗi yana daidai da kason da ya kawo na shakka, a irin lissafin da muka yi. Ruga ta ci naira 800,000 cikin 1,040,000, kashi 77. Ta kawo 9,000,000 cikin 11,700,000, shi ma kashi 77. Idan ka ga rukuni ya kawo kashi 96 na shakka da kashi 31 na kuɗi, ka san an yi rabon da bai dace da tambayar ba.

Da za a manta da tsada a bi asalin rabon Neyman, uku da biyar, kuɗin zai kai gidajen ƙauye 68 da rugage 113, kaucewa kuma ta zama kusan 7,100. Tsakanin 7,100 da 6,800 ba wani abin tada hankali ba ne. Babbar ribar ta zo ne daga lura da rata, tsada gyara ce kawai ta ƙara.

Inda ƙafa ke zamewa

Kuskure na farko, kuma mafi muni, yana faruwa ne bayan an dawo daga daji. An shigar da takardu 220 a kwamfuta, wani ya ce a fitar da matsakaici. Gida 120 masu shanu uku-uku da ruga 100 masu arba'in-arba'in sun ba da kusan saniya 20 a kowane gida. A ninka da 10,000, sai ga shanu 198,000 a yankin da ke da 67,000. An yi odar allura ninki uku. Dalili shi ne gidajen ba su da nauyi ɗaya: kowane gidan ƙauye da aka ziyarta yana wakiltar gidaje 75, kowace ruga tana wakiltar 10. Dole a ninka amsar kowa da nauyinsa kafin a haɗa. A rabo bisa yawa kowa yana wakiltar 25, don haka ko an haɗa kai-tsaye ba a yi ɓarna ba. Wannan shi ne kyawun da na ambata a baya, kuma ba ƙarami ba ne. Takardun bincike sukan daɗe fiye da mutanen da suka tsara su. Bayan shekara uku, wanda ya san nauyin an yi masa canjin wurin aiki, wani ɗalibi ya karɓi fayil ɗin ya yi lissafinsa da zuciya ɗaya.

Na biyu ya fi wannan zurfi. Rabo mafi dacewa yana buƙatar a san rata tun kafin a fita, alhali ratar ba ta sanuwa sosai sai an yi binciken. Ana samo ta ne daga aikin da aka taɓa yi a baya, ko rajistar rigakafin bara, ko ɗan gwaji na gidaje ashirin ko talatin a kowane rukuni. To idan an yi kuskure fa? A ce ratar ruga ta gaskiya 20 ce, ba 30 ba. Rabonmu na 120 da 100 zai ba da nauyin shakka 6,700,000. Rabon da ya fi kowanne a wannan hali zai ba da kusan 6,500,000, rabo bisa yawa kuma 10,900,000. Ke nan an yi kuskuren sulusi guda amma asarar ba ta taka kara ta karya ba. Hanyar tana da haƙuri. Amma a ce ratar 10 ce, an zuzuta ta sau uku. Sai rabonmu ya ba da 3,700,000, rabo bisa yawa ya ba da 3,400,000. An sha wahalar daji da wahalar lissafin nauyi, an tashi a baya. Rabo bisa yawa da wuya ya fi zaɓen ƙuri'a na kai-tsaye muni, ko da ba ka san komai game da rata ba. Rabo mafi dacewa ba shi da wannan tabbaci idan an gina shi a kan zato.

Na uku shi ne wanda ya fi yawan faruwa. Ba a cika fita bincike da tambaya ɗaya ba. Tunda an riga an sayi mai an hau babur, sai sashen lafiya ya ce a tambaya masa gidaje nawa ke kwana cikin gidan sauro. A ce amsar tana wajen rabi da rabi a ƙauye da ruga duka, wato ratarsu ɗaya. A wannan tambaya gidaje 400 na rabo bisa yawa za su kauce da maki 5 cikin ɗari, sama ko ƙasa. Gidaje 220 da aka tsara don shanu za su kauce da maki 8, domin kashi 90 na jama'a an bar su da gida 120 kawai. Rabon da ya yi wa shanu daidai ya cuci gidan sauro. Saboda haka kalmar "mafi dacewa" ba ta cika ba sai an faɗi abin da ya dace da shi. A tambayoyin i ko a'a, rata ba ta cika bambanta sosai tsakanin rukunoni ba, in dai amsar ba ta matsa kusa da sifiri ko ɗari ba, shi ya sa rabon Neyman ba ya kawo riba mai yawa a can. Inda yake haskawa shi ne abin da ake ƙirgawa kuma ya taru a hannun 'yan kaɗan: shanu, buhunan hatsi a sito, jarin kasuwanci, kuɗin da mai binciken asusu ke bi.

A irin wannan fage ma wani lokaci lissafin kan ce a ɗauki fiye da adadin da ke cikin rukunin. A ce a yankin akwai manyan masu kiwo goma da kowanne ke da shanu dubbai. Sai a ware su rukuni na kansu a ziyarce su duka, ba ƙuri'a, sannan a raba sauran kuɗin tsakanin ƙauye da ruga.

Akwai kuma abin da babu rabon da zai gyara. Idan jerin rugagen na damina ne aka fita da rani bayan rabinsu sun yi kudu, ko kuwa makiyayi ya tuna zamanin jangali ya ce shanunsa talatin alhali tamanin ne, to ziyartar ruga 100 maimakon 40 ba za ta rage wannan karkata ba ko kaɗan. Lissafin Neyman yana maganin kuskuren ƙuri'a ne kawai.

Manyan binciken ƙasa sukan bi hanya ta uku, saboda wata buƙata dabam. Binciken lafiya da yawan jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya cikin 2018 ya kasa kowace jiha da Abuja gida biyu, birni da karkara, aka sami rukuni 74, aka zaɓi gidaje kimanin 42,000. A ƙidayar 2006 Kano na da mutum wajen miliyan 9.4, Bayelsa wajen miliyan 1.7. Da an bi yawan mutane zalla, da Kano ta sami gidaje kusan 2,800, Bayelsa ta tashi da wajen 500. Amma kowace jiha tana son alƙalumanta na kanta, kuma ingancin alƙaluman jiha ya dogara ne da yawan gidajen da aka shiga a cikinta. Don haka akan ƙara wa ƙananan jihohi a rage wa manya, sannan a gyara da nauyi. Shi ya sa a teburan rahoton za ka ga adadi biyu a gaban kowace jiha, mai nauyi da marar nauyi. Wata sananniyar hanyar sasantawa ita ce a raba bisa tushen yawan jama'a: jihar da ta ninka wata sau biyar da rabi sai ta sami samfuri ninki biyu da 'yan kai. A misalinmu ma hakan take. Idan ana son a faɗi wani abu game da rugage su kaɗai, 40 ba za su isa ba, domin tambayar gidan sauro za ta kauce da maki 16 a cikinsu.

Ni dai ga inda na tsaya. Idan tambayoyin suna da yawa, mafi yawansu na i ko a'a ne, tsadar rukunonin ba ta yi nisa da juna ba, kuma babu wata shaida a hannu game da rata, a raba bisa yawa, ba abin kunya ba ne. Idan kuwa akwai adadi ɗaya da aka fito dominsa, kuma rajista ko gwaji ya nuna ratar wani rukuni ta ninka ta wani sau da yawa, to raba bisa yawa ɓarnar kuɗin jama'a ce, ko da ta fi daɗin karewa a gaban kwamiti. Tsakanin biyun, a matsa zuwa ga rabon Neyman ba tare da an kai ƙarshensa ba, tunda mun ga hanyar tana yafe ƙaramin kuskure.

Mai karatu, idan aka kawo maka rahoton bincike, ko kana kansila, ko ɗan jarida, ko malamin da ke duba aikin ɗalibi, kada adadin gidajen ya ishe ka. Ka nemi a nuna maka gida nawa aka shiga a kowane rukuni, da abin da ya sa aka raba haka, da kuma nauyin da aka ba kowane gida kafin a haɗa jimilla.